Ina farantan sola za su kalla, kuma a karkata su nawa? Tambayoyi da amsoshi ga mutanen karkarar Kano da Jigawa

Waɗannan tambayoyi ne da masu gida da manoman rani da masu walda suke yi idan an zo kafa farantan sola. An yi lissafin duka a kan digiri 12 arewa da ikweta, wato layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, domin nan birnin Kano yake. Dutse da Birnin Kudu suna ƙasa da haka kaɗan, Haɗejiya da Gumel da Kazaure suna sama da shi da kamar rabin digiri, kuma wannan bambanci ba ya sauya amsar ko ɗaya daga cikinsu.

Tambaya: A taƙaice, ina za a juya faranti, kuma digiri nawa?

Ka juya fuskarsa kudu, ka karkata shi tsakanin digiri 12 zuwa 15 daga shimfiɗe. Wato gefen arewa ne zai ɗaga, gefen kudu ya sauka. Wannan ga wanda zai ɗaure faranti wuri ɗaya ya bar shi shekara da shekaru ke nan, kamar mai gida ko mai shagon caji ko asibitin ƙauye. Manomin rani yana da nasa lissafi dabam, za mu zo kansa.

Tambaya: Me ya sa kudu, alhali muna ganin rana tana bi ta tsakiyar kanmu?

Ba kullum take bi ta tsakiyar kai ba. A yankinmu sau biyu kawai a shekara rana take tsayawa daidai bisa kai da tsakar rana, wajen 22 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta. A waɗannan ranaku idan ka kafa sanda a miƙe lokacin zawali, za ka nemi inuwarta ka rasa. Tsakanin ranakun nan biyu, wata huɗu ke nan, rana tana ratsewa ta arewa, amma ba ta nisa: iyakarta digiri 11 da rabi daga tsakiyar kai, wajen 21 ga Yuni. Sauran wata takwas na shekara kuwa tana kudu da mu, kuma a can take yin nisa sosai, har digiri 35 da rabi wajen 21 ga Disamba. Shi ya sa da hunturu bangon kudu yake shan rana wuni guda, tsofaffi su jingina da shi suna shan hantsi, bangon arewa kuma ya wuni cikin inuwa.

Idan ka ɗauki iyakarta ta arewa da iyakarta ta kudu ka nemi tsakiyarsu, za ka faɗa kan digiri 12 ta kudu. Farantin da aka karkata digiri 12 yana kallon kudu, tsakiyar nan yake kallo. A Yuni rana ta kauce masa da digiri 23 da rabi ta wannan gefe, a Disamba ta kauce masa da digiri 23 da rabi ta wancan. Babu lokacin da aka cuce shi da yawa. Daga nan aka samo ƙa'idar da ake cewa karkatar faranti ta yi daidai da nisan garinka daga ikweta. Da a ce muna kudu da ikweta ne, kamar Tanzaniya ko Zambiya, arewa za a juya shi.

Tambaya: Idan an kuskure da digiri biyar ko goma, asarar nawa ce?

Kaɗan ce, kuma sanin haka yana hana mutum kashe kuɗi a banza. Ka tuna kwanon da aka tara a ruwan sama: idan bakinsa yana fuskantar inda ruwan yake zuwa ya fi cika, idan an ɗan karkata shi kusan duk ɗaya ne, sai an kishingiɗa shi sosai ake ganin ragi. A lissafi, hasken da yake zuwa kai tsaye yana raguwa ne gwargwadon kusurwar da rana ta kauce wa fuskar faranti, bisa awon kusurwa da masu lissafi suke kira `cos`. Kaucewar digiri 10 tana barin kashi 98 da rabi cikin 100. Digiri 20 tana barin kashi 94. Digiri 30 tana barin kusan kashi 87. Daga nan abin yake gangarowa da sauri, domin a digiri 60 rabi ne kawai ya rage.

Saboda haka gardama tsakanin mai cewa 12 da mai cewa 15 ba ta kai a tayar da jijiyar wuya ba. Abin da ya kamata a guje wa shi ne babban kuskure, irin na juya faranti arewa a kan rufi mai tsayi, ko kwaikwayon hotunan Turai inda ake miƙar da faranti digiri 35 ko 40. Su can rana ba ta taɓa zuwa tsakiyar kansu, dole su tayar da shi. A nan idan ka yi 30 ta kudu, Disamba za ta yi maka kyau ƙwarai, amma a Yuni da tsakar rana kashi 75 kawai za ka samu.

Akwai kuma hasken da ba kai tsaye yake zuwa ba, wanda hazo da gajimare suke watsawa ko'ina a sama. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri har kana iya kallon rana da ido, ko ranar da hadari ya lulluɓe gari a Agusta, wannan watsattsen haske shi ne mafi yawan abin da faranti yake ci, kuma shi bai damu da kudu ko arewa ba. Ya fi son farantin da yake kallon sama sosai. Wannan ma wani dalili ne na kada a miƙar da faranti da yawa a ƙasarmu.

Tambaya: To tunda haka ne, me zai hana a shimfiɗa shi kwance a huta?

Ta fuskar haske kaɗai, farantin da yake kwance ba ya asara mai yawa a jimillar shekara. A Disamba ne yake jin jiki, inda yake samun kashi 81 da tsakar rana, mai karkatar digiri 15 kuma yana samun kusan 94. Amma babbar matsalarsa ƙura ce da ruwa.

Ka duba faranti da kyau, za ka ga firam ɗin alminiyon da ya kewaye gilashin ya ɗan fi gilashin tudu. Idan faranti yana kwance, ko karkatarsa ba ta kai digiri 10 ba, ruwan sama ko raɓa ko ruwan wanki ba ya gangarewa duka, sai ya kwanta a bakin firam ɗin da ƙurar da ya kwaso. Rana ta fito, ruwan ya bushe, ya bar zanen laka mai faɗin yatsa biyu ko uku a gefen ƙasa. Wannan zane yana hawa kan layin ƙarshe na ƙananan murabba'an da suke cikin faranti, kuma da yake a jere aka haɗa su, wutar ɗaya ta ɗaya take bi, idan an rufe ɗaya an shaƙe na bayansa. Sai ka ga gilashi kusan duka fes, amma wuta ta ragu fiye da yadda girman dattin zai sa ka zata. Idan abin ya daɗe, wurin da aka rufe yana ɗaukar zafi fiye da sauran, har ya bar tabon ƙuna a bayan faranti.

Shi ya sa ake cewa kada a sauka ƙasa da digiri 10 ko da a kan ikweta ake, kuma shi ya sa ni na fi karkata ga 15 a kan 12. Abin da aka rasa a Yuni ɗan kaɗan ne, ruwa kuma ya fi saurin gangarewa. Sai dai kada wani ya ɗauka karkata tana wanke faranti da rani. Daga Nuwamba zuwa Afrilu babu ruwan da zai wanke maka, sai ka sa hannu, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi. Watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha ranar azahar ganganci ne.

Tambaya: Yaya zan gane kudu na gaskiya a fili? In bi masallaci?

Nan mutane da yawa suke zamewa. Mun saba cewa alƙibla gabas take, wanda ya fuskance ta kuma hannun damansa kudu ne. Amma daga Kano alƙibla tana kan digiri 68 ne daga arewa, wato ta ratse daga gabas ta gaskiya zuwa arewa da kamar digiri 22. Don haka idan masallacin an daidaita shi da kyau, hannun daman mai salla ba kudu sak yake nunawa ba, ya ratse gabas da digiri 22. Ga farantin da karkatarsa 15 ce wannan ba zai kashe aiki ba, zai dai fi kama wutar safe ya rage ta yamma. Amma tunda gyaran ba ya cin ko sisi, gara a yi daidai: daga hannun daman liman a ƙara juyawa yamma kaɗan. Tsofaffin masallatai kuma wasu ba a kan 68 ɗin ma suke ba, don haka masallaci na fara kintace ne kawai.

Kamfas na waya yana aiki, kuma mun yi sa'a a yankin nan bambancin arewar kamfas da arewar gaskiya bai kai a damu da shi ba. Sharaɗin shi ne ka yi nesa da ƙarfe. Idan ka hau rufin kwano, ko ka tsaya kusa da tankin ƙarfe ko babur ko firam ɗin da aka riga aka yi wa walda, allurar za ta yi ta yawo tana yi maka ƙarya. Ka tsaya a fili, ka ja layi a ƙasa, sannan a kawo ƙarafan.

Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ta sanda. Ka share wuri mai lebur, ka kafa sanda mai tsawon mita ɗaya, ka tabbatar a miƙe take ta hanyar rataya dutse da zare a gefenta. Wajen ƙarfe 10 na safe ka sa tsinke a daidai kan inuwar. Ka ɗaura igiya a gindin sandar, ka auna zuwa tsinken, ka zana da'ira a ƙasa da wannan tsawo. Inuwar za ta yi ta gajarta ta shige cikin da'irar, bayan azahar ta fara tsawo ta ɗaya gefen. Da zarar kanta ya sake taɓa da'irar, wajen ƙarfe 3 saura, ka sa tsinke na biyu. Layin da ya haɗa tsinkayen nan biyu shi ne gabas da yamma, kuma a kansa za ka jera ƙafafun gaba na firam. Wannan hanya tana aiki a kowane wata, har a Afrilu da Agusta da inuwar tsakar rana take ɓacewa.

Tambaya: Ba ƙarfe 12 ne tsakar rana ba? Ai sai in duba inuwa lokacin.

Agogonmu an saita shi ne da layin digiri 15 gabas, Kano kuma tana kan 8 da rabi. Kowane digiri minti huɗu ne, don haka a matsakaici rana tana tsayawa a Kano wajen 12:26, a Dutse wajen 12:23, a Haɗejiya wajen 12:20. Wannan ma yana motsi cikin shekara: a Kano farkon Nuwamba wajen 12:10 ne, tsakiyar Fabrairu kuma wajen 12:40. Wanda yake bin jadawalin lokutan salla ya san wannan motsi, domin shi ne yake sa shigar azahar take gaba take baya. Idan za ka yi amfani da inuwar tsakar rana, ka yi a wannan lokaci, kuma ka tuna daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta inuwar kudu take faɗuwa, ba arewa ba. An sha kafa faranti da damina a juya shi baibai saboda wannan.

Tambaya: Mai waldarmu ba shi da abin auna digiri. Me zan gaya masa?

Kada ka gaya masa digiri, ka gaya masa santimita. Idan `L` shi ne tsawon faranti ta gefen da yake gangarowa, `θ` kuma digirin karkatar, to `H`, wato bambancin tsayin bakinsa na sama da na ƙasa, shi ne:

```
H = L × sin(θ)
```

Manyan farantan nan na wat 550 tsawonsu kusan santimita 228 ne, faɗinsu kusan 113. Idan an ɗora shi a tsaye, dogon gefen yana gangarowa, digiri 15 na nufin bakin arewa ya fi na kudu tsayi da santimita 59. Digiri 12 kuma santimita 47. Idan an kwantar da shi ta faɗi, digiri 15 santimita 29 ne.

Ga inda aiki yake lalacewa: ƙafafun firam ba a bakin faranti suke tsayawa ba, ana shigo da su ciki. Idan ka ce wa mai walda 59, shi kuma ya sa wannan bambanci tsakanin ƙafafun da ratarsu a ƙasa mita ɗaya da rabi ce, ya kai ka sama da digiri 21 bai sani ba. Ga ƙafafu, lissafin da ratar ƙasa ake yi: kowace mita ɗaya tsakanin ƙafar gaba da ta baya, a ƙara wa ta baya santimita 27 don samun digiri 15, ko santimita 21 don samun 12. Ratar mita ɗaya da rabi ke nan santimita 40. Kuma daga saman kankare mai lebur ake aunawa. Idan fili yana da gangare, a daidaita kawunan ƙafafun da tiyon ruwa irin na magina kafin siminti ya kama. Bayan an gama, ka ɗora waya a kan firam da manhajar auna lebur ka ga abin da ta ce.

Tambaya: Ni noman rani nake yi, famfo nake ja da sola. Shin 15 ɗin ce tawa?

Kai ba jimillar shekara kake nema ba, ruwa kake nema daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da rana take kudu. Bari mu ɗauki misalin manomi a fadamar Ringim, da faranti shida na wat 550 a jere suna jan famfo kai tsaye ba batir, yana ba alkama da tumatir ruwa.

A farkon Nuwamba rana tana kamar digiri 26 kudu da tsakiyar kai da tsakar rana. A Disamba ta kai 35 da rabi, a farkon Fabrairu ta dawo 29, a farkon Maris wajen 20, a 21 ga Maris 12, a 22 ga Afrilu ta hau kai. Da Disamba da Janairu kaɗai ake dubawa, da sai a ce a yi 30. Amma duk manomi ya san lokacin da ƙasa take shan ruwa kamar ba gobe shi ne Maris da Afrilu, ga zafi, ga rijiya ta ja baya, ga faranti kansa ya yi zafi wutarsa ta ragu. Ba za ka so a ce a lokacin ne faranti ya fi kauce wa rana ba.

A digiri 20, wannan manomi yana samun kashi 96 da tsakar rana a Disamba, 99 a ƙarshen Maris, 94 a ƙarshen Afrilu. A digiri 30 zai samu kusan duka a Disamba, amma ya faɗo 87 a ƙarshen Afrilu. A digiri 12 Afrilu ta yi kyau, Disamba ta tsaya 92. Ashirin ce ta raba gardama, babu watan da ya sauka ƙasa da 94 a duk kakar. A wajen mai walda, wannan na nufin santimita 36 a kowace mita ta ratar ƙafafu. Idan ratar mita ɗaya da rabi ce, ƙafar gaba kuma mita ɗaya don awaki kada su hau, ta baya za ta zama mita ɗaya da santimita 55.

Wanda yake kwashe farantansa kullum ya kai gida saboda ɓarayi, ya dawo da su gona da safe a amalanke, shi ya fi kowa damar gyara. Sai dai abin da aka fi gani shi ne a jingina su da kunya ko da buhu yadda aka ga dama, wannan ya miƙe wancan ya kwanta. Tunda a jere aka haɗa su, wanda ya fi kauce wa rana shi yake yanke wa sauran abin da za su bayar. A kafa turaku da gora biyu a kwance, ɗaya ƙasa ɗaya sama, a bar su a gonar, kullum faranti su hau kansu su daidaita.

Tambaya: Gidan da yake da batir fa?

Shi ranar wahalarsa ake dubawa. Fanka da firji sun fi cin wuta daga Maris zuwa Mayu, batir kuma ya fi kasa cika a Yuli da Agusta saboda hadari. Duk waɗannan watanni rana tana kusa da tsakiyar kai ko ta ɗan ratse arewa. Don haka mai batir ya tsaya 12 zuwa 15, kada ya bi manomin rani zuwa 20.

Tambaya: Rufina gabas da yamma yake gangarowa. Dole sai na yi firam dabam?

Ya danganta da tsayin gangaren. Rufin kwano irin na da, mai gangaren digiri 10 zuwa 15, ana iya ɗora faranti a kansa yadda yake. Mai kallon gabas a digiri 15 yana samun kashi 79 da tsakar ranar Disamba, ƙasa da 94 na mai kallon kudu, amma a Yuni yana samun 95, ya ma fi shi, sauran watanni kuma suna tsakani. Idan zaɓi ne tsakanin gabas da yamma, gabas ta ɗan fi, domin da safe faranti yana da sanyi, batirin da ya kwana yana aiki kuma da safe yake neman caji. Mai shagon da yake son wuta da la'asar zai iya zaɓar yamma.

Rufin zamani mai tsini, wanda gangarensa yake kai digiri 30 ko fiye, shi ne abin tsoro. Gefensa na arewa a Disamba kashi 41 zuwa 42 kawai yake samu da tsakar rana. Idan ba gefen kudu, gara a sauko ƙasa a yi firam.

Idan za a raba faranti, wasu gabas wasu yamma, kada a haɗa na gabas da na yamma a jeri ɗaya. Kowane gefe ya zama jerinsa, adadinsu ɗaya, sannan a haɗa jerin biyu gefe da gefe, ko kuma kowanne ya shiga ƙofar `MPPT` tasa, wato inda wutar faranti take shiga inbata, idan inbata tana da biyu. A bar kuma ratar santimita 10 zuwa 15 tsakanin faranti da kwano don iska ta ratsa. Kowane digiri ɗaya na zafi sama da 25 yana rage kamar kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100, kuma farantin da aka manna da kwano a watan Afrilu yana iya rasa abin da ya fi duk wanda ake jayayya a kansa wajen karkata.

Tambaya: Zan iya riƙa sauya karkatar bisa ga lokaci?

Za ka iya, idan firam ɗin a ƙasa yake kuma ƙarami ne. Rami biyu a ƙafar baya sun isa: digiri 25 daga Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu, digiri 10 sauran shekara. Ribar 'yan kaso ce cikin 100, kuma idan aka manta aka bar shi a 25 har damina an mayar da ribar. Kowane wurin da yake motsi kuma wuri ne da iska za ta fara girgizawa. A yawancin gidaje, kuɗin maƙalai da kusoshin da za a ƙara gara a tara su a sayi ƙarin faranti ɗaya.

Tambaya: Bishiya da tanki fa? Nisan nawa za a ba su?

Inuwa ta fi kuskuren karkata ɓarna nesa ba kusa ba, kuma tana yaudara, domin wurin da ka gani fes a Mayu yana iya shiga inuwa a Disamba. Da tsakar ranar Disamba, duk abin da tsayinsa mita ɗaya ne yana jefa inuwar santimita 71 zuwa arewa. Awa uku kafin tsakar rana ko bayanta, inuwar tana kai mita ɗaya da rabi, tana faɗuwa arewa maso yamma da safe, arewa maso gabas da yamma. Darbejiya mai mita 8 ke nan tana rufe kusan mita 6 da azahar, mita 12 da hantsi. Ka lura da gawo musamman. Da damina yake zubar da ganye, mai kafa faranti a Agusta ya ga rassa tsirara ya ce ba komai, da rani kuma ya cika da ganye daidai lokacin da inuwa ta fi tsawo.

A rijiyar burtsatse, faranti su zauna kudu da hasumiyar tanki, ba arewa da ita ba. Hasumiya mai mita 6 tana jefa inuwa sama da mita 4 zuwa arewa a Disamba, amma ta kudu mita ɗaya da 'yan kai ce kawai da tsakar ranar Yuni. Da safe da yamma a Yuni tana ɗan ƙara miƙewa, don haka a ba ta mita 3 zuwa 4. Idan layi biyu ne na faranti, ɗaya bayan ɗaya, ratar da ke tsakaninsu ta zama aƙalla daidai da tudun da layin gaba ya yi, gara ma ninki ɗaya da rabi. Ga tudun santimita 59, ratar santimita 90 ta isa, kuma mai wanki zai samu hanyar wucewa.

Tambaya: Karkata tana da alaƙa da iska?

Tana da ita. Guguwar farkon damina daga gabas take tasowa, wani lokaci ta ratso ta arewa maso gabas, gefen da faranti ya ɗaga ke nan, sai ta shiga ƙarƙashinsa ta nemi ɗaga shi. Duk ƙarin karkata ƙarin wurin kamawa ne gare ta. A sa ƙarfe a gicciye tsakanin ƙafafun baya, a binne ƙafafu cikin kankare, a ɗaure faranti da kusoshi ko maƙalai a wurare huɗu, ba da wayar ɗauri ba. A kan rufi kuma a kama katakon rufin ne, ba kwanon kaɗai ba, kuma a ja baya daga bakin rufi inda iska ta fi ƙarfi.

Tambaya: An riga an kafa mini. Yaya zan gane ko an yi daidai?

Ka samu ɗan katako mai lebur, ka kafa ƙusa a tsakiyarsa a miƙe, santimita 10 a waje. Ka ɗora shi a kan firam ɗin faranti lokacin zawali ka dubi inuwar ƙusar. Idan faranti yana kallon kudu sak, inuwar za ta bi gangaren ne, sama ko ƙasa, ba za ta ratse dama ko hagu ba. Idan ta ratse gefe sosai, an karkace daga kudu. Tsawonta kuma yana gaya maka karkatar: a digiri 15, inuwar tana kusan ɓacewa a tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba, a Disamba ta haura sama kusan santimita 4, a Yuni ta gangaro ƙasa santimita 5. Idan a kowane wata ka ga ta kai tsawon ƙusar kanta da tsakar rana, faranti ya kauce da digiri 45, kana rasa kusan kashi 30 na hasken kai tsaye, kuma ya cancanci a kwance a gyara.

Allon inbata ko na kwanturola shi ma shaida ne. A ranar da sama take garau kuma batir bai cika ba, ka rubuta wat ɗin da yake shigowa kowace awa daga 8 na safe zuwa 5 na yamma. Ya kamata ya hau a hankali, ya kai ƙololuwa tsakanin 12 da 1, ya sauka a hankali. Idan ƙololuwar ta zo ƙarfe 11, faranti ya ratse gabas. Idan sai 2 saura, ya ratse yamma. Idan wuta ta faɗi kwatsam a wata awa sannan ta dawo, inuwa ce, ka fita a wannan awar washegari ka ga abin da yake jefa ta, sau da yawa eriya ce ko reshe ɗaya ko wayar da ta ratsa. Idan kuwa tsarin hawa da saukar daidai yake amma duka lambobin sun yi ƙasa, ka wanke gilashin da safe ka sake aunawa kafin ka zargi karkata. Sharaɗin batir kada ya cika yana da muhimmanci, domin da zarar ya cika kwanturola da kanta take rage abin da take ja, sai ka ga wat ya faɗi da azahar alhali faranti lafiyarsa ƙalau.